Yadda zaka ɗauki hoton tumatir mara lafiya ka turawa malamin gona tun abun bai yi nisa ba

Ranar Asabar ɗin da ta wuce ƙungiyarmu ta manoman rani ta gayyato wani malamin gona ya zo ya yi mana bayani, nan yankinmu na Kura inda muke shan ruwan kanal ɗin da yake gangarowa daga dam ɗin Tiga. Ni ne sakatare so ni na riƙe biro, kuma tun a wurin mutane da dama suka ce in rubuta abun a tsanake saboda waɗanda basu samu zuwa ba, musamman matasan da su ne ke riƙe da manyan wayoyi a gidajenmu. Toh gashi, na bi yadda ya kawo maganar, inda na ga ya kamata na ƙara nawa na ƙara.

Abun da ya fara yi shine ya buɗe wayarsa ya zagaya da ita muna kallo. Hotuna ne da manoma suka turo masa a WhatsApp, kusan duk iri ɗaya: ganye guda ɗaya a tafin hannu, ya bushe ƙayau ya yi baƙi, hoton dishi dishi, ƙasansa an rubuta "Malam wane magani". Ya ce iyayena ku gaya min tsakani da Allah, ko ku da kuka shekara 30 kuna noman tumatir zaku iya faɗin abun da ya kashe wannan ganyen? Kowa yayi shiru. Ya ce to nima bazan iya ba. Ganyen da ya riga ya mutu duk kamarsu ɗaya, ko ƙishirwa ce ta kashe shi, ko taki ne ya ƙona shi, ko cuta. Shi abun da yake nema shine shukar da cutar ta fara kamawa jiya ko shekaranjiya, wadda rabinta lafiya rabinta ba lafiya, domin a nan ne alamar take fitowa ƙarara.

Ya tuna mana 2016, shekarar da tsutsar nan da muke kira Sharon ta share gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta ɓaci a kan tumatir. Duk wanda ke wurin ya tuna, wasu har yau basu gama murmurewa ba. Ya ce ita kanta Sharon ba a dare ɗaya take cinye gona ba, tana farawa ne da ɗan farin tabo a ganye wanda mutum zai wuce bai kula ba, kuma da ace mutum 5 a ƙauye ɗaya sun turo hoton wannan tabon a sati ɗaya da an san akwai matsala kafin ta kai ga 'ya'ya.

Kafin ka ciro waya, zagaya gonar tukun

Wannan shine mataki na farko kuma shi mutane suka fi tsallakewa. Ka shiga gona da safe, bayan rana ta fito amma kafin ta yi zafi, kamar daga ƙarfe 7 zuwa 9. Kar ka tsaya a bakin gona kawai, ka ratsa ta ciki kana karkacewa dama da hagu kamar tafiyar maciji, ka tsaya a wuri 5 daban daban, kowane wuri ka duba gindi 10 a jere. Kaga ka duba gindi 50 kenan. Ka ƙirga nawa ne a ciki suke da alamar, in baka son mantuwa ka riƙa jefa tsakuwa a aljihu duk wanda ka gani. Wannan lissafin, ace 4 cikin 50 ko 30 cikin 50, Malam ya ce wani lokacin ya fi masa hoton kansa amfani, saboda shawarar da zai baka in abu ya kama gindi 4 daban take da in ya kama rabin gona.

Kana zagayen kuma ka lura da yadda marasa lafiyar suka zauna a cikin gonar. Sun taru ne a wuri ɗaya kamar an zana da'ira? Sun bi layin ruwa ne daga fangali zuwa fangali? Suna gefen da iska take bugowa ne kawai, ko kuwa gonar gaba ɗaya ta canza launi lokaci guda? Ya ce cuta mai rai tana farawa ne daga wani wuri ta riƙa yaɗuwa, yau nan gobe can. Amma in ka wayi gari gona gaba ɗaya ta yi abu iri ɗaya, kowane gindi kamar ɗan'uwansa, to yawanci ba cuta bace, ka fara tuhumar taki ko feshi ko ruwa.

Hotuna 5, ba guda ɗaya ba

Da farko ka goge idon kyamarar da gefen riga. Abu ne ƙarami amma wayar da take kwana a aljihu tare da goro da ƙurar hunturu idonta kullum da maiƙo yake, rabin hotunan da suke fitowa da hazo daga nan ne. Ka kashe fitilar kyamara, tana wanke launi, rawaya ta koma fari. Kar ka ja hoton da yatsu biyu don ka matso da shi, kai ka matsa da ƙafarka. Rana ta kasance a bayanka, ba a gabanka ba.

Hoto na ɗaya na gonar ne daga nesa. Ka hau kan kunya ko bakin kanal ka ɗaga wayar, a ga inda abun ya kama da inda bai kama ba a hoto ɗaya, in da hanyar ruwa ta fito a ciki ya fi kyau.

Na biyu, shuka ɗaya cikakkiya daga ƙasa har kai, kuma ka yi ƙoƙari mai lafiya ta fito a gefenta. Ka durƙusa ka ɗauka daga gefe, ba daga sama ba. Dalili kuwa, akwai cutar da take farawa daga tsofaffin ganyen ƙasa ta hau sama, akwai wadda take farawa daga sabon toho na kai, kuma wannan bambancin kaɗai yana raba cututtuka da yawa. In ka tsinko ganyen ka kawo shi tafin hannu ka ɓatar da wannan bayanin gaba ɗaya.

Na uku shine na kusa, kuma a nan Malam ya daɗe. Ka zaɓi ganyen da tabon yake sabo, inda ake ganin iyakar kore da wurin da ya lalace. Ka sa farar takarda ko bayan kwali a bayansa don kyamara ta daina ruɗewa da sauran ganye, ka ajiye tsinken ashana ko murfin biro a gefe don a san girman tabon. Ka riƙe wayar kamar taƙi ɗaya daga ganyen, in ka matsa fiye da haka yawancin wayoyinmu basa iya kamawa. Sai ka taɓa fuskar wayar daidai kan tabon da yatsa, ka jira daƙiƙa 2 zaka ga hoton ya washe, sannan ka danna. In rana ta yi ƙarfi ka yi wa ganyen inuwa da jikinka ko da hula, inuwar ta rufe ganyen gaba ɗaya kar ya zama rabi haske rabi duhu. Kuma kafin ka bar wurin ka buɗe hoton ka ja shi ka gani, in baka iya ganin jijiyoyin ganyen ɗaya bayan ɗaya ba to goge ka sake.

Na huɗu, juya ganyen ka ɗauki bayansa. Farin ƙuda nan yake zama, ƙwai nan yake, jan gizo gizo ƙanana nan suke. Ka juya a hankali domin farin ƙuda yana tashi da an girgiza, da safe ne ya fi zama lafiya.

Na biyar kuma dole sai ka sadaukar da gindi ɗaya. Ka tono shi da fartanya, kar ka fizge don kar saiwar ta tsinke, ka wanke ƙasar a bokiti, ka ɗauki hoton saiwar a kan farin buhu. Sannan ka sa wuƙa ka tsaga karan a tsaye daga gindi zuwa sama kamar tsawon yatsa biyu, ka buɗe ka ɗauki cikinsa. Wani dattijo ya ce Malam gindin da ya fara fure zan tumɓuke? Ya ce Baba gindi ɗaya ne zai gaya mana labarin sauran dubun, kuma in yaushi ne dama ba tashi zai yi ba.

Abun da malamin yake nema a cikin hoton

Ya ce ba wai yana son mu zama likitoci bane, amma in ka san abun da yake nema zaka fi iya nuna masa. Sai ya kawo guda uku da suka fi rikita mu.

Tabon ganye. In tabon ruwan ƙasa ne mai duhu, yana da zobe cikin zobe kamar an jefa dutse a ruwa, kewayensa rawaya, kuma ya fara daga ganyen ƙasa, wannan naman gwari ne, cutar ƙunar ganye, kuma maganin feshi irin su mankozeb yana tare ta in an yi da wuri, yana kare ganyen da bai kamu ba amma baya dawo da wanda ya ƙone. In kuwa tabon fari fari ne kamar leda, an cinye naman ganyen an bar fatar sama da ta ƙasa, ɗaga shi sama ka saita da haske, zaka ga baƙin kashi ƙanana a ciki wani lokacin har da 'yar tsutsar. Wannan Sharon ce, mankozeb ko buhu ka zuba baya mata komai. Shi yasa ya ce ga irin wannan tabon a ƙara hoto ɗaya wanda haske yake ratsowa ta bayan ganyen, nan kaɗai ne aka yarda ka fuskanci rana.

Nannaɗewar ganye. Sabon ganyen kai ya ƙanƙance ya lanƙwashe sama kamar cokali, gefensa rawaya, shukar ta tsaya bata girma, fure yana zuba. In an juya ganye an ga farin ƙuda to ƙwayar cutar bairos ce wadda shi farin ƙudan yake ɗauka, babu maganin da yake warkar da wadda ta kamu, sai dai a cire ta a yaƙi ƙudan, kuma sau da yawa tun daga wurin rainon iri aka kwaso ta domin alamar tana ɗaukar sati 2 zuwa 3 kafin ta fito. Amma fa akwai abun da yake kama da ita sosai, kuma mu da muke noman shinkafa da damina mu koma tumatir da rani mun fi kowa faɗawa ciki: mutum ya yi feshin maganin ciyawa 2,4-D a shinkafa, bai wanke famfon feshin da kyau ba, ya zo ya zuba maganin ƙwari ya fesa wa tumatir. Bayan 'yan kwanaki sabon ganye ya murɗe ya yi siriri, kara ya karkace. Hoton kusa kaɗai zai iya yaudarar ko ƙwararre, abun da zai raba gardama shine hoton gonar daga nesa da kuma gaskiyar abun da ka fesa da famfon da ka yi amfani da shi.

Na ukun shine yaushi, kuma a kansa ne muka yi aiki a aikace, bari in kawo shi dalla dalla.

Yadda muka gwada a gonar wani ɗan ƙungiya

Ana cikin bayani wani daga cikinmu ya ɗaga hannu ya ce shi ai yanzu haka yana da matsala, tumatir ɗinsa sati 6 da dashe, ya fara fure, kwana 4 kenan wasu gindi suna langaɓewa da rana, da asuba su miƙe, jiya kuma biyu sun kwanta basu sake tashi ba. Ya ƙara ban ruwa yana zaton ƙishirwa ce, kuma har ya je kasuwa an haɗa masa magani kala biyu zai fesa gobe. Malam ya ce Alhaji ajiye maganin nan tukun, gonar da nisa? Ba nisa. Muka ɗunguma mu kusan 20.

Bai taɓa komai ba, ya miƙawa ɗan mai gonar aikin, yaro ɗan sakandare, ya ce yi kamar bana nan. Yaron ya zagaya ya ƙirga, 6 cikin 50. Ya hau kunya ya ɗauki hoton nesa, kuma a hoton ne ma muka lura da abun da idonmu bai kama ba muna tsaye a ciki: duk marasa lafiyar suna fangali 3 ne a jere, na farkon shine wanda ruwa yake fara shiga, sauran biyun suna karɓar ruwa daga gare shi. Ya ɗauki shuka ɗaya cikakkiya, ga ta ta langaɓe gaba ɗaya amma ganyenta kore shar, babu rawaya babu tabo. Ya juya ganye, babu komai. Ya tono gindi, aka wanke saiwa, babu ƙulli ko ɗaya. Malam ya ce da mun ga ƙulle ƙulle kamar carbi a jikin saiwar da sai mu ce tsutsar ƙasa ce wadda ido baya gani, to ba ita bace. Aka tsaga kara, ciki ya yi ruwan ƙasa a gefe gefe inda ruwa yake bi ya hau.

Nan ya tsaya ya ce saura abu biyu. Akwai yaushin naman gwari, shi yawanci ganyen ƙasa yana fara yin rawaya, sau da yawa ɓari ɗaya na shukar, kuma yana tafiya a hankali. Akwai kuma yaushin bakteriya, shi kuma shukar tana faɗuwa da korenta cikin 'yan kwanaki. Dukansu suna sa cikin kara ya yi ruwan ƙasa, so hoton karan kaɗai bazai raba su ba. Sai ya ce a kawo kofin gilas da ruwa mai kyau. Babu gilas a gona, aka yanke kan gorar ruwan roba mai haske aka cika da ruwan leda.

Ga yadda ake yi. Ka yanko guntun kara daga can gindi kusa da ƙasa, tsawon yatsa, ka wanke ƙasar jikinsa, yankan ya zama a kwance da wuƙa mai kaifi. Ka soka masa tsinke ta sama ka gicciya tsinken a bakin kofin yadda ƙasan karan zai nutse cikin ruwa kaɗan yana rataye, bai taɓa gindin kofin ba. Ka ajiye a wuri mai daidai, kar kowa ya taɓa, ka sa baƙin ƙyalle ko baƙar leda a bayan kofin. Sai jira. Mu dai bamu kai minti 5 ba muka ga wani farin abu kamar zare yana saukowa daga bakin yankan, siriri, yana lilo a cikin ruwan kamar hayaƙin turare an juya shi ƙasa. Wallahi wurin ya yi tsit, dattijai suna sunkuyawa ɗaya bayan ɗaya. Malam ya ce wannan farin da kuke gani ƙwayoyin cutar ne da kansu suke fitowa, su ne suka toshe hanyar ruwa a cikin karan, shi yasa shuka tana tsaye cikin ruwa tana mutuwa da ƙishirwa. Ya sa yaron ya ɗauki bidiyo na daƙiƙa 15, ya ce irin wannan bidiyon in ya iso masa ko yana Zariya zai bada amsa babu kokwanto. Ya ƙara da cewa in baka ga zaren ba kar ka yanke hukunci nan take, ka bashi kamar minti 10, ka sake gwadawa da wani gindin da ya fi langaɓewa, domin wanda cutar ta fara kamawa wani lokacin baya nunawa.

Shawarar da ya bayar kuwa ba ta sayen komai bace. Maganin da aka haɗo a mayar ko a ajiye, babu feshin da yake warkar da wannan. A tone marasa lafiyar da ƙasar gindinsu a zuba a buhu a fitar daga gona a ƙona, kar a jefa a kanal kar a jefa a kan kunya. A toshe ruwan da yake ratsawa daga waɗancan fangali 3 zuwa sauran, a riƙa basu nasu daban kuma a ƙarshe, kuma a rage yawan ruwan, domin ƙarin ban ruwan da Alhaji ya yi shine ya taimaka mata ta yaɗu. Fartanya da wuƙa a wanke da ruwan bilic, murfi 1 na bilic a murfi 9 na ruwa, kafin a shiga ɓangaren lafiya, aikin wannan ɓangaren kuma ya zama na ƙarshe a rana. Baɗi kar a sa tumatir a wurin, kar a sa tattasai ko attaruhu ko yalo ko dankalin turawa domin duk dangi ɗaya ne tana kama su, a sa masara ko dawa ko alkama ko shinkafa na wasu shekaru, cutar tana daɗewa a ƙasa. Sannan ya ce a sanar da maƙwabcin da yake karɓar ruwa daga ƙasan wannan gonar yau ɗin nan, ba gobe ba.

Ni abun da ya tsaya min a rai, da hoton ganye ɗaya aka tura, kore ne shar babu tabo, me malamin zai ce?

Saƙon da zai raka hoton

Hoto baya magana, so dole ka haɗa da bayani. Wanda baya rubutu ya danna ya yi saƙon murya, amma ya tsaya a minti ɗaya, gaisuwa gajeriya, domin mutumin yana da saƙo da yawa a gabansa. Abun da zaka faɗa: sunan ƙauye da inda gonar take, wane iri ne (in gwangwanin ko ledar irin tana nan ɗauki hotonta), sati nawa da dashe, yaushe ka fara ganin alamar, nawa cikin 50, yaya kake ban ruwa, me aka noma a wurin bara, sannan me ka zuba ko ka fesa cikin sati 2 da suka wuce. Wannan na ƙarshen Malam ya roƙe mu da girman Allah mu riƙa faɗin gaskiya. Mutane suna jin nauyin su ce sun haɗa magani uku a famfo ɗaya ko sun ninka awo, sai su ɓoye, shi kuma ya yi ta neman cutar da babu ita. Ɗauki hoton robar maganin gaba da baya yadda rubutun zai karantu, kar ka ce "mai jan murfi", masu jan murfi sun fi goma a kasuwa.

Na yaron nan da muka tsara tare ga yadda ya fita: "Salamu alaikum Malam. Tumatir ne, sati 6 da dashe, ya fara fure. Kwana 4 da fara yaushi, ganye kore babu tabo. 6 cikin 50, duk a fangali 3 da suke layin ruwa ɗaya. Ban ruwa duk kwana 3, bara ma tumatir ne a wurin. Taki kawai muka sa sati 2 da suka wuce, bamu yi feshi ba. Ga hotuna da bidiyon kofi." Shikenan, babu ƙari.

Wurin turawa akwai wata 'yar dabara. WhatsApp yana matse hoto don ya rage cin data, kuma a wurin matsewar ne ƙananan abubuwa irin su zoben tabo da ƙwan ƙwari suke ɓacewa. In ka zaɓi hotunan kafin ka tura duba sama zaka ga HD, danna shi. In kuma kana son ya tafi yadda yake ba a taɓa shi ba, danna alamar maƙala ka zaɓi Document ka ɗauko hoton daga nan. Ya fi cin data, so in datar ta yi ƙasa ka yi wa na kusa da na cikin kara haka, sauran su tafi yadda aka saba. Kana tsaye a gonar kuma ka danna alamar maƙala, Location, sannan Send your current location, don in abun ya kai a zo a gani ba sai an yi ta kwatance da bishiyar mangwaro ba. In babu sabis a gona ɗauki hotunan ka tura in ka shigo gari, amma a ranar. Kar ka ɗauki hoton fuskar wata wayar, kar ka sa masa kwalliyar launi, kuma don Allah kar ka turo hoton da ka gani a wani gurup kace na gonarka "irin wannan ne", Malam ya ce wannan ya sha ɓata masa lokaci.

Inda hoto yake tsayawa

Wata Hajiya daga ɓangaren mata ta tambaya ko duk cuta ana ganewa ta hoto. Ya ce a'a Hajiya, kuma duk wanda ya ce miki yana gane komai ta hoto ki yi hattara da shi. Ƙarancin sinadari a ƙasa da wasu cututtukan bairos suna kama da juna sosai, tabon bakteriya da na naman gwari in suna ƙanana sai an kai ɗakin bincike. Aikin hoto shine ya rage zato daga goma zuwa biyu, ya hana ka sayen maganin da ba nasa ba, ya kuma nuna masa gonar da ta kamata ya fara zuwa. Manhajojin waya masu duba hoto su faɗi cuta, irin su Plantix, ya ce ba laifi a gwada a kan tabon ganye, amma su ganyen kawai suke gani, basu san layin ruwanka ba basu san me ka fesa ba, so kar a sayi magani a kan maganarsu kaɗai.

In ya ce a kawo samfur, to a tono gindi 2 ko 3 da saiwarsu, ɗaya wanda ya fara ɗaya wanda ya yi nisa, a naɗe saiwar daban a leda don ƙasa kar ta ɓata ganye, saman kuma a naɗe da takarda ko jarida. Kar a ƙulle shukar gaba ɗaya a baƙar leda a ɗaura a bayan babur cikin rana, kafin a isa ta dahu ta ruɓe babu abun da za a gani. A kai a ranar ko washegari da sassafe. Daga wurinsa in abun ya fi ƙarfinsa akwai ofishin KNARDA, hukumar bunƙasa noma da raya karkara ta jihar Kano, akwai kuma cibiyar binciken noma ta IAR da take Samaru a Zariya.

Kafin a tashi mun tsayar da tsari a ƙungiyance. Gurup ɗaya na rahoton cuta kawai, ba gaisuwar Juma'a ba tallan taki ba siyasa, don hoton gaggawa kar ya nutse a cikin saƙonni. Mun raba gonakinmu gida 4 bisa layin kanal, kowane layi an sa matashi ɗaya mai waya mai kyau, wanda yake da ƙaramar waya ya kira shi kawai ya zo ya ɗauka, kuɗin datarsu daga asusun ƙungiya. Zagaye Litinin da Alhamis da safe, ko ba a ga komai ba a rubuta "layi na 2 lafiya" don a san an duba. Malam ya ce zai riƙa buɗe gurup ɗin kullum bayan Magariba, in kuma yaushi ne ko Sharon a kira shi kai tsaye kar a jira dare.

Wani ya kawo maganar da kowa yake tunani bai faɗa ba, cewa mutum baya son a san gonarsa ta kamu, don kar dillalai su ji su karya masa farashi ko maƙwabta su ce shi ya jawo. An ɗan yi muhawara a kai, daga ƙarshe aka amince wanda baya son sunansa ya fito ya turawa Malam shi kaɗai, shi kuma zai sanar a gurup cewa an ga kaza a layi kaza ba tare da suna ba. Na gonar Alhaji da take layi na 3 an riga an sanar tun daren Asabar, kuma maƙwabcin Alhaji na ƙasa ya ce ranar Litinin da safe zai zo da kofin gilas daga gida.